Motar Yashe Sokawe Ranar Suna

A shekarar da aka haifa mana 'yarmu ta fari, muna haya ne a Tudun Wada, a wani gida mai sashe huɗu da tsakar gida ɗaya. Kowane sashe ciki da falo ne da banɗakinsa. Mu muke na farko, daga zaure. Kusa da mu direban motar haya ne mai zuwa Yola, shi da matarsa da yara. Na uku wani ɗan ƙabilar Ibo ne mai sayar da kayan gyaran mota, ba shi da iyali, kowa Oga yake ce masa. Sashen ƙarshe, can inda tsakar gidan ta gangara, wata malamar firamare ce 'yar Kaltungo. Mijinta ya rasu, tana zaune da tsohuwarta wadda ƙafa ta riga ta hana fita. Ni kuma a lokacin ƙaramin ma'aikaci ne a sakatariya.

Tun farkon damina banɗakunan suka fara ba da alama. In ka zuba ruwa a masai sai ya taso ya tsaya, ya yi ta ƙugi kafin ya wuce. Da yamma wani ɗoyi yakan taso daga gefen marfin siminti da ke tsakar gida, matar direba ta kunna turaren wuta, a ci gaba da hira. An gaya wa mai gidan, ya ce zai turo a duba. Ba wanda ya sake tayar da maganar.

An shirya matata za ta tafi Kumo ta haihu a gaban iyayenta, sai haihuwar ta riga shirin. Ranar wata Asabar ta sauka a asibiti, washegari muka dawo gida. Gwaggonta ta iso da ƙullin ganye da kanwa, ta sa na samo rabin duro da itace, aka kafa murhu a bakin ƙofarmu. Safe da yamma take tafasa ruwa ta yi wa mai jego wanka a banɗakinmu, kuma duk ruwan nan da guntayen ganyen darbejiya ta magudanar ƙasa suke bi. Ban taɓa tambayar inda magudanar take kaiwa ba. A daren Litinin aka yi ruwan sama mai yawa. Da asubar Talata ƙazanta ta ɓullo a banɗakin Malama, ta kuma tsattsafo ta ramin katanga zuwa lungu.

Mai gidan dattijo ne, tsohon ɗan kasuwar hatsi, yana zaune a Gabukka. Bai iya rubutu a waya ba, saboda haka saƙon murya ya turo cikin zauren wasaf na 'yan haya. Ina ofis na saurara. Ya fara da sallama da gaisuwa, har ya yi mini barka, sannan ya shiga magana.

"An gaya mini sokawe, ramin da ke tsotse ruwan banɗaki, ya toshe, ruwa ya fita lungu. Maƙwabcinku na baya ya kai ƙara wurin duba-gari, sun kira ni, sun ba ni zuwa ƙarshen mako. To, ga yadda za a yi. Ranar Alhamis mai gyaran famfo zai zo ya duba bututu. Ranar Asabar da safe motar yashewa za ta zo. Litinin birkila zai gyara abin da aka fasa. Daga yammacin Juma'a kada kowa ya ƙara zuba ruwa a banɗaki sai an gama. Kuɗin aiki ni zan ɗauki rabi, rabin ku raba tsakaninku, ƙofa-ƙofa. Ni ba na shiga banɗakin gidan nan, ku kuke shiga. Kowa ya kai nasa hannun Malama kafin Juma'a. Allah ya ba mu haƙuri da juna."

Na sake saurare don in tabbatar da ranar. Asabar ce ranar suna. Na riga na sayi rago, an raba goro da alewa na gayyata, 'yan Kumo sun kama mota guda.

Bayan la'asar muka haɗu a tsakar gida, kowa a tsaye, don ba wurin zama mai daɗin shaƙa. Oga ne ya fara.

"Ni mutum ɗaya ne. Da safe in fita, sai dare in dawo. Ko wanka wani lokaci a shago nake yi. Yaya za a ce in biya daidai da mai mutum shida? A ƙirga kai, kowa ya biya nasa."

Direba ba ya gari, matarsa ce ta tsaya masa. Ta ce yaranta a fo suke bayan gida, kuma ita wankinta a kwata take zubarwa, in za a ƙirga kai to a ƙirga baƙin da Oga yake tarawa ranar Lahadi. Malama ba ta shiga wannan ba. Ta jira suka yi shiru, sannan ta juyo gare ni.

"Malam, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Shekara nawa muna nan, ramin nan yana ƙugi amma bai taɓa amai ba. Duro guda safe, duro guda yamma, ina kake so ruwan ya je?"

Gwaggo tana bakin murhu, ta ji. Ta ajiye itacen da ke hannunta ta ce ita tun kafin a haifi duk wanda ke tsaye a wurin take wankan jego, ba a taɓa ce mata ta cika rami ba, kuma ba za ta bar yarinya da ɗanyen jiki saboda masai ba. Ta shige ɗaki ta saki labule. Taron ya watse ba a yanke komai ba.

Washegari na hau acaɓa zuwa Gabukka. Na tarar da mai gidan a ƙofar gida kan tabarma, rediyo a gefensa. Ya ce, "A'a, angon ƙarni!" Muka gaisa, ya tambayi mai jego da jaririya. Na ce masa, "Baba, alfarma na zo nema. Asabar ɗin nan suna ne. Ko za a ɗaga motar zuwa Litinin?"

Ya ce wallahi da ya yi lissafi ya manta da sunan. Sannan ya ce damina ce, ramin kowa ya cika, motocin gari ba su da yawa, da ƙyar ya samu Asabar ɗin, in ya sake ta sai wani makon. Duba-gari kuma sun ce in sun dawo suka tarar da ruwa a lungu tara za su ci shi, wataƙila su rufe gidan.

"Amma ka je ka sami Malama," in ji shi. "Ita ce a cikin abin. In ta ce za ta iya jira, ni zan je in roƙi duba-garin da kaina. Direban motar yashewar kuma ya ce mini da sassafe zai zo, kafin azahar sun gama. Matanku ai sai yamma suke taruwa."

Na dawo na yi sallama a ƙofar Malama. Na gaya mata yadda muka yi. Ta ɗaga labule ta ce, "Shigo ka gani."

Ban taɓa wuce falonta ba sai ranar. Ta jera buhunan yashi a bakin banɗaki, ruwan ya tsallake su ya jiƙa ledar ɗaki har ƙarƙashin gado. Ta ɗora akwatuna da littattafan 'yan makaranta a kan kujeru. Katifar tsohuwa tana falo kusa da taga, tsohuwar na zaune a kai da tsumma a hanci, bokiti mai marfi a gefenta. Ta gaishe ni da Hausarta mai ɗan nauyi, ta ce yaya jaririya. Malama ta ce tun Talata ba ta je makaranta ba, kwasa take yi tana zubarwa, in wani ya zuba ruwa a sama sai ya fito mata nan.

Na ce Allah ya sawwaƙe, na fita. Ban sake tayar da maganar Litinin ba. Da na shiga ɗaki na gaya wa matata a Asabar ɗin za a yi. Ta ce to. Gwaggo ce ta yi magana, ta ce ita ba ta taɓa jin inda aka haɗa suna da kwasar kashi ba sai a birni. Amma daga yammacin nan ta koma yin wankan a cikin babban baho, ni kuma in kwashi ruwan a bokiti in kai kwatar bakin titi.

Mai gyaran famfo ya zo Alhamis da hantsi. Na nemi izini a ofis na tsaya, Oga ma bai buɗe shago da wuri ba, don kowa yana son ya ga abin da za a zaro. Mutumin ya bi jikin bango yana ɗaga ƙananan marafan da ke gaban kowane sashe, inda bututun ɗaki yake haɗuwa da babban bututu. Namu ruwa na tafiya a hankali. Na Oga ya cika. Na Malama yana ambaliya. Ya harhaɗa sandunansa masu zare, ya zura ta na ƙarshen, ya yi ta turawa yana murzawa, sannan ya janyo. Abin da ya fito dunƙule ne baƙi: famfas na yara, ledar ruwa, audugar mata, tsumma mai baƙin mai, soson wanka, da ganyen darbejiya da ya liƙe a jikinsu. Ya zube shi a kan buhu a tsakar gida. Kowa ya leƙa, ya ga nasa, ya ja da baya.

Ruwan ya ɗan ja, sannan ya tsaya. Mai gyaran ya sa aka kama masa ya ɗaga babban marfin, ya ce mu matsa iska ta fita tukuna. Ramin ya cika har baki. Ya zura doguwar gora, ba ta yi nisa ba ta kafe a cikin laka. Ya kira mai gida a waya a gabanmu, ya buɗe murya.

"Alhaji, bututu na buɗe, amma ba shi ne babban ciwon ba. Yaushe rabon da a yashe tankin nan?"

Mai gida ya ce tun da ya sayi gidan bai tuna an yashe ba.

"To laka ta cika shi, ta haye ta shiga sokawen, ta toshe jikin ramin, ruwa ba ya tsotsewa. Ga ƙasa ta ƙoshi da ruwan sama. Kuma wanda ya yi aikin farko ya haɗa ruwan wanka da na masai wuri ɗaya. Ko an yashe, in ba a raba su ba, baɗi za ku sake kirana."

Mai gida ya ce a yashe tukuna, sauran sai ya gani da idonsa.

Da yamma Oga ya kai wa Malama kuɗinsa, bai ƙara zancen ƙirga kai ba. Matar direba ta kai rabi ta ce sauran sai mijinta ya dawo. Ni na kai nawa daga cikin abin da na ware na shinkafar suna.

Daga yammacin Juma'a muka rufe banɗakuna. Maza muka koma bayin masallaci da gidan wanka na kuɗi da ke bakin titi. Mata suka riƙa shiga maƙwabta. Dangin matata sun iso daga Kumo kafin magariba, mata cike da mota, aka tare su a zaure da wannan bayani. Wasu suka yi dariya, wasu suka kalli Gwaggo.

Asabar bayan sallar asuba aka raɗa suna a masallacin unguwa, aka raba goro da dabino. Mahauci ya yanka rago a ƙofar gida ya feɗe shi a can. Girki kuwa tun farko Gwaggo ta hana a yi shi a tsakar gidanmu, ta roƙi wani kango da ke gaba kaɗan aka kafa tukwane. Mai gida ya zo raɗin sunan, ya zauna a benci yana jiran mota. Hantsi ya yi, ba mota. Ya kira, aka ce suna Barunde suna gama wani aiki. Azahar ta yi, aka ce sun tafi zubarwa bayan gari, taya ta yi faci. Na fara tunanin ba za su zo ba, har na sa aka share tsakar gida, aka rufe marfin da tsohuwar tabarma, aka jera kujerun roba.

Ana idar da la'asar, mata sun fara shigowa cikin leshi da atamfa, ana guɗa, mai jego ta yi kwalliya tana zaune a falo, sai muka ji ƙarar babbar mota a bakin lungu.

Direban motar ya ce in ba a yi yanzu ba shi sai wani makon. Mai gida ya dube ni. Malama tana tsaye a ƙofarta da tsintsiya a hannu, ba ta dube ni ba. Na ce a yi.

Lungun ya yi wa motar ƙunci, ta tsaya a bakin titi. Suka warware tiyo mai kauri, suka ja shi ta lungu, ta zaure, ya ƙare a daidai ƙofarmu, saura 'yan taku ya kai ramin. Suka ce iyakar abin da suke da shi ke nan. Oga ya duba bakin tiyon, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Can ya dawo da wani guntun tiyo a kafaɗa da maɗauran ƙarfe, ya tsuguna da rigarsa ta fita ya haɗa su da kansa.

Kafin nan sai da aka fitar da mata. Wurin da ya fi kusa mai faɗi shi ne gidan maƙwabcin baya, wanda ya kai ƙarar. Matarsa ce ta leƙo da kanta ta ce a shigo. Aka kwashi kujeru da kuloli da kayan barka, mata suka riƙa tsallake tiyo ɗaya bayan ɗaya, kowace ta tattare zani da hannu ɗaya ta toshe hanci da mayafi. Gwaggo ta fito da jaririya a lulluɓe cikin tawul. Matata ce ta ƙarshe. Ta tsaya a bakin ƙofa ta kalli tiyon, ta kalli mutanen da ke tsaye da dogayen takalman roba, ta ɗaga ƙafa a hankali ta tsallake. Ba ta kalle ni ba.

Aka ta da injin. Tiyon ya kumbura yana motsi a ƙasa, ƙarar ta cika unguwa. Ruwan sama-sama ya tafi da sauri. Da aka kai ga laka sai injin ya fara shaƙewa, suka ce a kawo ruwa. Na kira 'yan garuwa suka yi ta juyewa a ramin, mutum biyu suna dama lakar da gora, injin yana ja. Wari ya kai har kangon da ake girki. Ta bayan katanga ina jin mata suna hira da ƙarfi don su rinjayi injin, wani lokaci guɗa ta tashi. Abokaina da suka zo cin abinci suka karɓi nasu a leda suka yi sallama. Mota ta cika ta tafi zubarwa, muka zauna a ƙofar gida ni da mai gida da Oga. Aka kawo mana shinkafa da nama, ba wanda ya iya ci sai Oga. Motar ta dawo ta yi sahu na biyu, aka gama gab da magariba.

Mai gida ya leƙa sokawen da tocila. Jikin bulon ya yi baƙi ya yi santsi, ramukan da aka bari don ruwa ya fita duk sun liƙe. Ya miƙe ya ce Litinin birkila zai haƙa ƙaramin rami daban na ruwan wanka, a kankare jikin wannan, kuma wannan aikin shi zai biya. Kuɗin mota dai yana nan yadda ya faɗa. Malama ta kawo masa abin da aka tara a cikin ambulan. Ta ce masa ledar ɗakinta da ƙasan katifa sun lalace. Ya ce za a duba.

Malama ta wanke sashenta da omo da maganin kashe ƙwayoyi a daren, da safe ta tafi coci. Da ta dawo ta shigo barka da sabulu da 'yar riga. Ta gaida Gwaggo, Gwaggo ta amsa a taƙaice, ta miƙa mata jaririya. Ta riƙe ta ɗan jim ta mayar.

A ranar Lahadin 'yan Kumo suka koma, suka tafi da mai jego ta ƙarasa arba'in a gida. Gwaggo ce ta yanke haka, ba ta nemi shawarata ba, ni ma ban ja ba. Da za su shiga mota na ce wa matata ta yi haƙuri da yadda abin ya kasance. Ta ce ba komai, ai ba ni na turo motar ba. Sai bayan shekaru, muna wata hira, ta gaya mini cewa leshin da ta sa ranar ba ta ƙara sa shi ba, ƙanwarta ta ba.

Birkila bai zo Litinin ba, ya zo Laraba. Aka fasa simintin tsakar gida daga ƙofarmu har ƙofar Malama aka shimfiɗa sabon bututu, aka haƙa ramin a kusurwa. Ruwan sama ya tsayar da su sau biyu. Kusan mako biyu muna bin katako muna shiga ɗakunanmu, ina dawowa daga aiki in tarar da tulin jar ƙasa a inda murhu yake. Direba ya dawo ya cika kuɗinsa bayan ya yi faɗan da bai samu yi ba ranar taro. Duba-gari suka zo suka leƙa lungu, suka tafi.

Ledar Malama ba a duba ba. Da shekara ta zagayo mai gida ya ƙara kuɗin haya, ya ce gyara ya ci shi. Malama ta samu wani wuri a Barunde kusa da 'yar'uwarta. Ranar tashinta ni da Oga muka ɗauko tsohuwa a kan kujerar roba muka kai ta motar, tana yi mana godiya tana cewa mu yi a hankali da ƙafar. Wani tela ne ya kama sashen bayanta. Mu kuma muka ƙara shekara biyu a gidan kafin aka yi mini canjin aiki.